Dalilin da ya sa waƙa ke sirancewa idan an ƙara mata gudu: lissafin ninki da ke cikin sautin waya

Duk mai sauraron saƙon murya a WhatsApp ya san maɓallin nan da ke sauyawa daga `1x` zuwa `1.5x` zuwa `2x`. Idan aka danna shi, mai magana yakan yi sauri kamar ana binsa bashi, amma muryarsa tana nan yadda aka san ta. A TikTok kuwa akwai waƙoƙin da ake ƙara wa gudu, inda muryar ƙaton namiji ke komawa siririya kamar ta ɗan tsana a fim ɗin yara. Dukkansu ƙarin gudu ne, to me ya sa ɗaya ya bar murya yadda take, ɗayan ya sirantar da ita? Kuma idan ta sirance, da nawa ta sirance?

Amsar tana cikin wata ƙa'ida guda wadda ta shafi fiyano, da jita, da goge, da manhajar gyaran murya ta situdiyo. Matakan sauti ba da tarawa suke hawa ba, da ninkawa suke hawa. Wanda bai san haka ba zai iya kwana yana gyaran kiɗa a waya, ya rasa gane abin da ya sa kunnensa ke ce masa akwai matsala.

Sauti girgiza ne, kuma ana ƙirga ta

Sifikar waya tana da wani ɗan siririn faifai da ke motsi gaba da baya yana tura iska. Yawan zuwa da dawowar da yake yi a cikin sakan ɗaya shi ake aunawa da Hz. Idan ya yi 110 a sakan, kunne zai ji sauti mai kauri. Idan ya yi 880, zai ji siririn sauti. Wannan bai shafi ƙarfin ƙara ba. Ƙarfi ya danganta da nisan motsin faifan, kauri da siranta kuwa sun danganta da yawan motsin.

Masu kiɗa na duniya sun tsayar da sauti ɗaya a matsayin ma'auni, wato wanda ake rubutawa A4, mai girgiza 440 a sakan. Ma'aunin ISO 16 ne ya tabbatar da shi, kuma yawancin kibod da manhajojin daidaita tsirkiya da shi suke zuwa daga kamfani.

Idan aka ninka 440 sau biyu aka sami 880, wani abu yakan faru a kunne. Sautin ya fi na farko siranta, amma yana kama da shi ƙwarai, har kunne ya ɗauke su a matsayin sauti ɗaya a hawa biyu. Haka abin yake idan babban mutum da yaro suna rera waƙa ɗaya tare: muryar yaron tana sama, amma ba wanda zai ce ya kauce. Wannan tazara ita ake kira oktaf. Shi ya sa 880 ma sunansa A, sai dai A5, 220 kuma A3, 110 kuma A2.

A nan ne lissafin ya fara fitowa. Daga A2 zuwa A3 an ƙara 110 Hz kawai. Daga A3 zuwa A4 an ƙara 220. Daga A4 zuwa A5 an ƙara 440. Daga A5 zuwa A6 an ƙara 880. Ƙarin bai zama ɗaya ba, amma kunne yana jin duk matakan huɗu daidai suke. Abin da kunne ke aunawa shi ne sau nawa aka ninka, ba nawa aka ƙara ba. Yana kama da yadda ake jin ƙarin farashi a kasuwa. Ƙarin naira 100 a kan kayan naira 200 babban tashi ne, amma naira 100 ɗin nan a kan kayan naira 20,000 ba mai waiwayarta.

Saboda haka duk faɗin abin da kunnen matashi mai lafiya ke iya ji, daga kimanin 20 Hz zuwa 20,000 Hz, bai wuce oktaf goma ba, domin ninka 20 sau biyu har karo goma yana kaiwa 20,480. Mai son gani da ido ya buɗe ikwalaiza mai layi goma a manhajar sauraron kiɗa. Lambobin da ke ƙarƙashin layukan yawanci 31, 62, 125, 250, 500, 1k, 2k, 4k, 8k, 16k ne. Kowace kusan ninkin ta bayanta ce, wato layi ɗaya ga kowane oktaf.

Raba oktaf gida goma sha biyu

A kan kibod, idan aka tashi daga wani A aka ƙirga maɓallai farare da baƙaƙe duka, a mataki na 12 ake isa A na gaba. Kowane mataki ɗaya shi ake kira semiton. Tambayar ita ce, Hz nawa ne semiton ɗaya?

Kuskuren da kusan kowane sabon mai rubuta manhaja ke yi idan yana gwada ƙera ƙaramin fiyano shi ne ya raba tazarar kai tsaye. Daga 440 zuwa 880 akwai 440, a raba 12, a sami 36.67, sai a riƙa ƙara wa kowane maɓalli 36.67 Hz. Maɓallin farko da na ƙarshe za su fita daidai, amma duk na tsakiya za su kauce. Matakin farko zai yi faɗi fiye da ƙima, kusan semiton 1.4, na ƙarshe kuma ya tsuke zuwa kusan 0.7. Maɓalli na shida, wanda ya kamata ya zama tsakiyar oktaf, zai ba da 660 Hz, alhali tsakiyar da kunne ya sani 622.25 ce. Wannan 660 ɗin kusan daidai yake da sautin maɓalli na bakwai. Duk waƙar da aka kaɗa da irin wannan fiyano za ta fito a karkace.

Abin da ake buƙata shi ne lamba ɗaya wadda idan aka yi ta ninkawa da ita sau 12 za ta ba da 2. Lambar ita ce `2^(1/12)`, wato kimanin 1.059463. Kowane semiton ƙarin kusan kashi 5.95 cikin ɗari ne a kan sautin da ke gabansa. Kamar kayan da farashinsa ke tashi da kashi 6 cikin ɗari kowane wata: bayan wata 12 ba kashi 72 ya ƙaru ba, ya ninka ne, domin kowane ƙari a kan sabon farashi ake lissafa shi.

Ga yadda matakan farko suke daga A4. A ninka 440 da 1.059463, a sami 466.16, shi ne A#4. A sake ninkawa, a sami 493.88, shi ne B4. A sake, 523.25, shi ne C5. Matakin farko ya ci 26 Hz, na biyu kusan 28, na uku 29. Kafin a kai ƙarshe, matakin daga 830.61 zuwa 880 ya ci 49 Hz. A can ƙasan fiyano mai maɓalli 88, inda sautin farko yake 27.5 Hz, semiton ɗaya bai kai 2 Hz ba. A can ƙolinsa, kusa da 4,186 Hz, semiton ɗaya ya haura 230 Hz.

Lissafin nan ya girmi kwamfuta da ƙarnuka. Wani ɗan sarauta a China mai suna Zhu Zaiyu ya fitar da wannan lamba dalla-dalla a 1584, yana aiki da allon ƙirga na duwatsu. A kusan zamani guda, Simon Stevin ya yi irin wannan lissafi a Turai.

Ana ganin ƙa'idar a wuyan jita ma. Tsirkiya idan aka rage tsawonta da rabi, girgizarta takan ninka. Don haka a jita mai tsirkiya milimita 648, ƙarfe na 12 yana daidai tsakiya, a milimita 324. Tazarar farko kimanin milimita 36 ce, tazarar da ke bin ƙarfe na 12 kuma milimita 18. Ƙarafunan suna matsowa kusa da juna ne saboda kowane mataki yana raba abin da ya rage na tsirkiyar da 1.059463.

Yadda waya ke lissafa shi

Tun 1983 kayan kiɗa na lantarki suke magana da juna ta tsarin MIDI, wanda ya ba kowane maɓalli lamba. A4 shi ne 69, C na tsakiyar fiyano shi ne 60. Daga lambar maɓalli zuwa Hz, layi ɗaya ya isa. Haka ma juya lissafin, wato daga yawan ninki zuwa yawan semiton. Ana iya gwada wannan a waya da manhaja irin Pydroid 3 ko Termux:

```python
import math

def hz(n):
    return 440 * 2 ** ((n - 69) / 12)

def semiton(ninki):
    return 12 * math.log2(ninki)

print(hz(60))         # 261.63
print(semiton(1.25))  # 3.86
```

Wanda ba ya rubuta lamba zai iya yi da kalkuletar waya idan ya juya ta zuwa ta kimiyya: `log(1.25) ÷ log(2) × 12`. Sakamakon ɗaya ne.

Akwai kuma ƙaramin ma'auni da manhajojin daidaita sauti ke nunawa a allo da sunan `cent`. Semiton ɗaya sent 100 ne, oktaf kuma 1,200. Alexander Ellis ne ya kawo shi a shekarun 1880. Amfaninsa shi ne yana faɗin kaucewa yadda kunne ke jin ta. Kaucewar 4 Hz a kusa da 110 Hz ta haura rabin semiton, kowa zai ji ta. Kaucewar 4 Hz ɗin nan a kusa da 1,760 Hz sent huɗu ce kawai, da wuya a lura.

Misali: waƙar da aka ƙara wa gudu da 1.25

Yanzu a koma ga tambayar farko. Sautin da aka ɗauka jerin lambobi ne da waya ke miƙa wa sifika ɗaya bayan ɗaya. Idan aka miƙa su da saurin ninki biyu, duk girgizar da ke ciki ta ninka. Muryar namiji da ke kusa da 120 Hz za ta koma 240, oktaf guda cur. Ba ta zama muryar mace ba, ta zama ta ɗan tsana, domin amon da girman baki da maƙogwaro ke bayarwa shi ma ya ɗaga da ninki biyu, sai a ji kamar mai maganar ya ƙanƙance.

WhatsApp da YouTube suna kauce wa wannan da wata dabara. Maimakon su gaggauta girgizar, sai su yanyanka sautin zuwa gutsattsari masu gajarta ƙwarai, su tsallake wasu, su haɗa ragowar a inda suka dace da juna. Lokaci ya ragu, girgizar kowane gutsure tana nan yadda take. A burauza ma haka abin yake: `playbackRate` ne ke sauya gudu, `preservesPitch` kuma ke yanke hukuncin ko murya za ta tsaya ko za ta sirance. Masu yin waƙoƙin TikTok masu gudu da gangan suke barin ta sirance, domin sautin da suke nema ke nan.

A ɗauki wani matashi da ke haɗa kiɗa a wayarsa. Yana da waƙa ta minti uku mai bugu 100 a minti, an gina ta a kan A. Ya ƙara mata gudu da 1.25 ba tare da riƙe murya ba. Waƙar ta koma sakan 144, bugun ya koma 125, kuma ta yi masa daɗi. Sai ya so ya ɗora mata kiɗan fiyano a kai. Ya ji waƙar ta ɗaga, ya gwada maɓallin `Transpose` a +3, bai dace ba. Ya gwada +4, ya kusa, amma akwai wani rawar sauti kamar ana kaɗa fanka a gaban sifika.

Lissafi ya nuna dalili. Ninkin 1.25 semiton 3.86 ne, ba 4 ba. A4 na waƙar ya tashi daga 440 zuwa 550 Hz. Maɓallin fiyano mafi kusa, C#5, yana kan 554.37. Bambancin sent 14 ne, kuma idan sautuka biyu masu kusanci haka suka haɗu, ƙararsu takan hau ta sauka daidai yawan bambancin da ke tsakaninsu, a nan kusan sau huɗu a sakan. Rawar da yake ji ke nan. Ba waƙar ce ta lalace ba, ba kuma fiyanon ba. Waƙar ta faɗa tsakanin maɓallai biyu ne.

Gyaran shi ne a fara daga semiton a nemo gudu, ba daga gudu a nemo semiton ba. Idan ana son hawa 4, gudun shi ne `2^(4/12)`, wato 1.2599. Waƙar za ta koma kusan sakan 143, bugun 126, kuma za ta zauna daram a kan maɓallan fiyano. Hawa 2 yana buƙatar 1.1225, hawa 3 kuma 1.1892. Mai son ya rage gudu da semiton 2 sai ya raba 1 da 1.1225, ya sami 0.8909. A Audacity ana iya rubuta ninkin kai tsaye a `Change Speed and Pitch`, wanda ke sauya gudu da murya tare. `Change Tempo` gudu kaɗai yake taɓawa, `Change Pitch` kuma murya kaɗai. Waɗannan biyun na ƙarshe da dabarar yanka da haɗi suke aiki, don haka idan aka matsa musu da nisa sauti yakan fara yin ƙarfe-ƙarfe.

Wani abin lura shi ne gudun `1.5x`. Idan ba a riƙe murya ba, yana ba da semiton 7.02, sent biyu kacal daga maɓalli na bakwai. Shi ya sa waƙar da aka ƙara wa gudu da 1.5 ke dacewa da fiyano ba tare da wahala ba, ta 1.25 kuma ta ƙi.

Kuskuren 44,100 da 48,000

Akwai wata matsala da ke samun masu haɗa bidiyo, wadda wannan lissafi ke tonawa nan take. Fayil ɗin kiɗa yawanci yana ɗauke da lambobi 44,100 a kowane sakan, sautin bidiyo kuma yawanci 48,000. Manhaja mai kyau takan sake lissafa fayil ɗin ya dace. Amma idan aka kunna fayil ɗin 44,100 a matsayin na 48,000 ba tare da an juya shi ba, an ƙara masa gudu da 1.0884 ke nan ba da sani ba.

Alamominsa uku ne, kuma tare suke zuwa. Murya takan ɗan sirance da semiton 1.47, ba ta kai ta ɗan tsana ba, amma mai ita zai ce ba haka yake magana ba. Sautin minti uku yakan ƙare a sakan 165, don haka baki da magana suna ƙara rabuwa yayin da bidiyon ke tafiya, har tazarar ta kai kusan sakan 15 a ƙarshe. Idan kuma aka kunna sautin A4 kusa da manhajar daidaita tsirkiya, za ta nuna kimanin 479 Hz, wato A# da ƙarin sent 47. Idan kuskuren ta ɗaya ɓangaren ne, murya takan yi kauri, 440 ya sauka zuwa 404, minti ukun ya miƙe zuwa sakan 196.

Maganin ba jan sautin da hannu ba ne har ya dace da hoto. A duba ainihin lambar fayil ɗin, a juya shi tun kafin a saka shi cikin aikin:

```
ffprobe waka.wav
ffmpeg -i waka.wav -ar 48000 sabo.wav
```

Inda ƙa'idar ta tsaya

Ninki biyu na oktaf daga yanayin girgiza ya fito. Raba shi gida 12 daidai wa daida kuwa shawara ce da mutane suka yanke, kuma tana da farashi. Sautuka biyu sun fi daɗin haɗuwa idan ninkin da ke tsakaninsu lamba ce mai sauƙi, kamar 3 bisa 2, wato 1.5, ko 5 bisa 4, wato 1.25. Semiton 7 yana ba da 1.4983, ya yi kusa ƙwarai da 1.5. Semiton 4 yana ba da 1.2599, ya wuce 1.25 da sent 14, irin tazarar da ta dami matashin nan. Ba za a iya gyara duka a lokaci guda ba. Idan aka hau da 1.5 sau 12 a jere za a sami 129.75, alhali oktaf bakwai 128 ne, kuma wannan rarar ba ta da inda za ta ɓuya. Tsarin kibod ya rarraba ta daidai a kan dukkan matakai. Abin da aka samu a madadin shi ne damar ɗaga kowace waƙa da `Transpose` zuwa inda muryar mawaƙi ta fi sakewa, ba tare da tazarar da ke tsakanin sautukanta ta sauya ba.

Kayan kiɗan Hausa da dama ba a kan wannan jadawali aka gina su ba. Goge da kukuma ba su da ƙarafuna a wuya, yatsan makaɗi ne ke tsayawa inda kunnensa ya yarda. Mai kalangu yana matsa tsirkiyoyin da hammata, sautin ya hau ya sauka a sulale yana bin karin magana. Ƙa'idar ninki tana aiki a kansu duka, domin rabin tsirkiyar goge ma oktaf yake bayarwa. Amma matakan da ke tsakani ba dole ba ne su faɗa kan maɓallan kibod.

Wannan yana da muhimmanci a situdiyo. Auto-Tune, wanda ya fito a 1997, da sauran manhajoji irinsa suna auna girgizar murya, su nemo mataki mafi kusa a jadawalin, su ja muryar zuwa can. Idan aka bar shi a kan dukkan matakai 12, ba ya jan sauti fiye da sent 50, domin daga nan mataki na gaba ya fi kusa. Idan aka ɗora shi da ƙarfi a kan goge, ko a kan mawaƙin da ke sulala murya tsakanin matakai, zai datse sulalar ya mayar da ita tsalle-tsalle. Idan kuma kiɗan da ke ƙasa ya riga ya kauce da sent 14 saboda gudun 1.25, manhajar za ta daidaita muryar a kan jadawalin 440, ta bar kiɗan a inda yake. Sai a sami murya da aka gyara tsaf amma ba ta dace da kiɗanta ba.

Saboda haka kafin a ɗora murya ko fiyano a kan kiɗan da aka taɓa gudunsa, a kunna wani dogon sauti daga cikinsa kusa da manhajar daidaita tsirkiya. Idan allurar ta tsaya kusa da sifili, a ci gaba. Idan ta tsaya a -14, gudun 1.25 ne. Idan ta tsaya a +47, a duba 44,100 da 48,000.